Bulus mai gaɓa goma sha biyu: inda kod yake da inda ake lanƙwasa sauti

Tambaya: "Malam, ina kaɗa fiyano a wani ɗakin haɗa waƙoƙi a Kano. Na haddace kod ukun nan na bulus, ina kuma bin gaɓa goma sha biyun daidai, amma abin da nake kaɗawa ba ya kama da na Baƙaƙen Amurka, sai ya fito a bushe. An ce akwai wasu sautuka da ake saukewa. Waɗanne ne su, kuma a ina ake sa su?"

Ƙanena, sautukan uku ne: na uku, na bakwai da na biyar idan ka ƙirga daga sautin gida. Amma da zan ba ka sunayensu kawai in yi shiru, gobe ma a bushe kiɗan naka zai fito. Dalili shi ne, kowane ɗayansu ɗanɗanonsa yana sauyawa da gaɓar da kake ciki. Sautin da ya yi daɗi a gaɓa ta biyu, idan ka maimaita shi yadda yake a ta shida, yana iya zama kuskure tsantsa. Saboda haka sai mun fara shimfiɗa gaɓoɓin tukuna, sannan mu ɗora sautukan a kansu. Zan yi komai a kan A, domin duk lissafin ya tsaya wuri guda.

Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce. Gaɓa goma sha biyu ke nan bugu 48, kuma an kasa su layi uku, kowane layi gaɓa huɗu:

```
A7 | A7 | A7 | A7
D7 | D7 | A7 | A7
E7 | D7 | A7 | E7
```

A shi ne gida. D yana mataki na huɗu daga gida, E kuma mataki na biyar. Wasu sukan leƙa D7 a gaɓa ta biyu su dawo, don kada layin farko ya yi tsawo a kan kod ɗaya, amma mu bar wannan a gefe, domin abin da nake so kunnenka ya kama ya fi fitowa a tsarin da ke sama. Ga sautukan da ke cikin kowane kod, ka riƙe su, don duk bayanin da ke tafe a kansu ya rataya:

```
A7 = A  C# E  G
D7 = D  F# A  C
E7 = E  G# B  D
```

Layuka ukun ba don ado aka yi su ba. Sun zo ne daga yadda ake rera baitin. Mawaƙi yakan faɗi magana a layin farko, ya maimaita ta a na biyu, sannan ya kawo wadda ta warware ta ko ta ƙara mata nauyi a na uku. Bari in ƙirƙiri baiti da Hausa don ka ji yadda yake zama:

Damina ta wuce, rumbuna bai cika ba,
Na ce damina ta wuce, rumbuna bai cika ba,
Mai bashi na bakin ƙofa, ni ko barci ban yi ba.

Abin da masu koyo suka fi tsallakewa shi ne, murya ba ta cinye gaɓa huɗun layi. Tana ɗaukar gaɓa biyu, kalmarta ta ƙarshe ta sauka a kan bugun farko na gaɓa ta uku, sai ta yi shiru. Ragowar, kusan gaɓa biyu, na jita ne ko fiyano ko hamonika, su ba da amsa. Kamar dai yadda makaɗi zai jefa magana 'yan amshi su karɓa, sai dai a nan kayan kiɗa ne 'yan amshin. Idan kana kaɗa wa mawaƙi, hannunka na dama ya kama kansa yayin da yake rerawa, ya buɗe a gaɓa ta 3 da 4, da ta 7 da 8, da ta 11 da 12. Mai cika kowace gaɓa da gudun yatsu ya riga ya rushe tsarin tun kafin a zo maganar sauti.

Akwai kuma tafiyar bugun. A bulus ba a raba bugu gida biyu daidai. Ana raba shi uku, a kaɗa kashi na farko da na uku, a bar na tsakiya, sai ya fito dogo, gajere, dogo, gajere. Idan gangar da ka sa a kwamfuta tana raba bugu biyu cif, ka gyara wannan tukuna, don shi kaɗai ya isa ya busar da kiɗa.

Yanzu sautin farko, wanda ya fi kowane muhimmanci, wato na uku. Daga A, fiyano yana ba ka zaɓi biyu: C#, wanda ke cikin kod ɗin A7, da C, wanda ke ƙasa da shi da rabin taki. Mutane sukan ce bulus yana amfani da C ne, shi ya sa ake cewa an sauke sautin. Wannan rabin gaskiya ne. Mawaƙan bulus ba a kan C suke tsayawa ba, ba kuma a kan C# ba. Suna tashi daga wajajen C su matsa sama, su tsaya a hanya. Idan A ɗinka tana girgiza sau 220 a daƙiƙa, C tana kusan 262, C# kuma kusan 277. Tsakiyarsu tana wajen 269, kuma babu maɓallin da zai ba ka ita a fiyano. Kada ka ɗauka 269 ɗin doka ce. Wani mawaƙin yakan tsaya ƙasa da haka, wani ya kusa taɓa C#, kuma mutum ɗaya yakan sauya daga baiti zuwa baiti. Fili ne ake yawo a ciki. Abin da bai cika sauyawa ba shi ne alkiblar: daga ƙasa ake turawa sama, sannan a faɗo kan A.

A jita wannan abu ne mai sauƙin nunawa. Ka danna tsirkiya ta uku daga ƙasa, wato ta G, a gida na biyar, C ke nan. Ka kaɗa ta, ka bar ta ta yi ƙara ɗan lokaci, sannan a ƙarshen sautin ka ɗan ja ta gefe da yatsan nan, kaɗan kawai, yadda da ƙyar mai kallo zai ga tsirkiyar ta motsa. Kafin ta kai C# sai ka kashe ta da tafin hannu, ka sauka kan A a tsirkiya ta huɗu, gida na bakwai. Idan ka saki tsirkiyar tana cikin ƙara, sautin zai koma ƙasa a ji shi kamar jitar ta kwance. Wannan kashewar kafin sakin ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda ke koyo. Ka saurari mai jitar bulus B. B. King da kyau, za ka ji sauti biyu ko uku kacal a jimla guda, amma kowane an taɓa shi ta wannan hanya.

To me ya sa wannan sautin ke da ɗanɗano? Saboda kod ɗin da ke ƙarƙashinsa yana riƙe da C#, murya kuma tana ƙasa da shi. Ana ja-in-ja tsakanin su biyun, kunne yana jiran murya ta ƙarasa, ita kuwa ta ƙi. Yanzu duba abin da ke faruwa a gaɓa ta biyar, da aka koma D7. Leƙa sautukan D7 a sama: akwai C a ciki. Sautin da ɗazu yake faɗa da kod, yanzu ɗan gida ne.

Mu gwada da baitinmu. Ka rera "Damina ta wuce" a gaɓar farko, kana farawa daga E, ka taɓa G da ke sama, ka dawo E. A gaɓa ta biyu ka gangaro: "rumbuna" a kan D, sannan "bai" a kan C, ka ja shi, "cika" ta biyo baya a nan ɗin, "ba" kuma ta sauka kan A a bugun farko na gaɓa ta uku. A layin farko "bai" ɗin nan yana kan A7, don haka ka tura shi sama kaɗan, ya yi ta gogayya da C#. A layi na biyu, kalmomin su ne, karin shi ne, amma "bai" ya faɗo a gaɓa ta shida, kan D7. A nan kada ka tura shi. Ka bar shi a kan C, zai zauna daram. Mai sauraro zai ji magana ɗaya sau biyu, ta farko da ɗaci, ta biyu kamar an haƙura. Wannan shi ne dalilin da maimaita layi ba ya gundura a bulus. Ba kalmomin ne suka sauya ba, abin da ke ƙarƙashinsu ne ya motsa.

Daga nan kuskuren da na fi ji wajen masu koyo yake fitowa. Mutum ya koyi zamewa daga C zuwa C#, ya ji daɗinta, sai ya riƙa yin ta ko'ina, har a gaɓa ta 5 da 6 da ta 10. A kan D7, C# ba ɗaci mai daɗi ba ne, karo ne da C ɗin da ke cikin kod, kuma ko wanda bai san kiɗa ba zai yamutsa fuska. Ga hanyar gane ko kana yin wannan: ka naɗi kanka kana kaɗa hannun dama kaɗai, ba kod, ba ganga. Ka saurara. Idan ba za ka iya nuna inda gaɓa ta biyar ta fara ba, to hannunka ba ya bin tsarin, yana zagaye ne kawai a cikin sautuka biyar da ya haddace. Wanda ya iya, ko shi kaɗai yake kaɗa sauti ɗai-ɗai, za ka ji kod yana juyawa a bayansa.

Layi na uku yana da nasa sirrin. A gaɓa ta tara an hau E7, wanda ke riƙe da G#. Idan ka kaɗa G a kansa, ka maimaita abin da C ya yi wa A7 ke nan: sauti yana zaune rabin taki ƙasa da na kod, yana gogarsa. Shi ya sa a nan G ne ake turawa sama. Ka fara "Mai bashi" da ƙarfi a kan G ɗin sama, ka lanƙwasa, ka sauko E, sannan D. Da an koma D7 a gaɓa ta goma, ka nemi C, ka gangara gida. Wannan ne ƙololuwar baiti, wurin da murya ta fi ɗagawa, kuma ba banza ba nan ne sabuwar magana take shigowa.

G ɗin nan shi ne sauti na biyu cikin ukun, wato na bakwai daga A. A kiɗan Turai na coci da na gargajiyarsu, na bakwai daga A shi ne G#, kuma kod irin A7 alama ce ta cewa ba a iso ba, dole a wuce zuwa D. Bulus ya yi watsi da wannan ƙa'ida. A wurinsa A7 gida ne, ana farawa da shi, ana ƙarewa da shi. Kuma G ɗin da murya ke rerawa sau da yawa tana ƙasa da ta fiyano. Ta fiyano tana girgiza sau 392. Amma idan ka kaɗa tsirkiya guda, ba sauti ɗaya take fitarwa ba, akwai wasu siraran sautuka a samansa da ke tafiya ninki biyu, ninki uku, har zuwa sama. Ninki na bakwai, idan aka sauko da shi kusa da A ɗinmu ta 220, yana ba da 385. Bambancin bai kai sulusin rabin taki ba, amma kunne yana jin sa: 385 tana narkewa cikin A ba tare da kaɗawa ba, 392 kuwa tana ɗan tsaye a gefe. Ka gwada da muryarka. Ka danna A kaɗai a can ƙasa, ka rera G, sannan ka sassauto a hankali. Akwai inda za ka ji sautin ya shige cikin na fiyanon ya kwanta.

Na uku cikinsu, wato na biyar da aka sauke, ba sai na daɗe a kansa ba. E♭ ne, tsakanin D da E. Hanya ce, ba masauki ba. Ana bi ta kansa daga D zuwa E, ko a gangaro E♭, D, C, A, wadda ita ce gangarar da kowa ya sani. Masu jaz na shekarun 1940 ne suka fi fito da shi fili har ya zama abin da ake ƙirgawa tare da sauran biyun. Idan ka tsaya a kansa fiye da bugu ɗaya, sai ka san inda za ka da shi. Ni a ganina masu koyo sun fi ba shi muhimmanci fiye da kima, saboda shi ne baƙon da ido ke gani a jerin sautuka shidan da ake koya musu, A, C, D, E♭, E, G. Wanda ya iya sarrafa na uku shi kaɗai ya fi wanda ke watsa E♭ a kowace jimla.

Sai matsalarka ta musamman, domin fiyano ba ya lanƙwasuwa. Masu kaɗa bulus a fiyano sun daɗe da samo dabaru. Ta farko ita ce murƙushewa: ka taɓa C da sauri ka wuce C#, har su ɗan haɗu na ƙiftawar ido, kunne ya ji kamar akwai wani abu a tsakaninsu. A kan A wannan yana buƙatar yatsu biyu, tun da daga farin maɓalli ake hawa baƙi. Shi ya sa masu fiyano suke son kaɗa bulus a kan C, ko F, ko G, inda yatsa guda zai zame daga baƙin maɓalli ya faɗa kan fari, misali daga E♭ zuwa E. Dabara ta biyu ita ce raba su da nisa: hannun hagu ya riƙe C# da G a ƙasa, na dama ya buga C a sama da su. Idan suna manne da juna, 262 da 277 suna karo kusan sau 15 a daƙiƙa, abin ya yi gurnani. Idan ka ɗaga C ɗin sama da zango guda, wato zuwa C na gaba, ɗacin yana nan amma gurnanin ya ragu.

Dabara ta uku ta fi su sauƙi, kuma ita nake so ka fara da ita. Ka cire na uku daga hannun hagu gaba ɗaya. Ka kaɗa A da E tare, sau biyu, sannan A da F# tare, sau biyu, kana maimaitawa da tafiyar dogo da gajere. A kan D ka yi D da A, sannan D da B. A kan E ka yi E da B, sannan E da C#. Wannan tafiyar hannun hagu tsohuwa ce a bulus, kuma hikimarta ita ce a kan A ba ta faɗin ko C ne ko C#, ta bar wa murya da hannun dama filin. Yawancin bushewar da kake ji, ina kyautata zaton daga nan take: hannun hagu yana danna cikakken kod mai sautuka huɗu a kowane bugu, ya toshe wurin da ya kamata a yi wasa.

Idan kuma kana so kod ya fito da sautuka biyu kacal, ga wani abu mai kyau da ke ɓoye a tsarin. Ka riƙe C# da G don A7. Ka sauke su duka biyu da rabin taki, sun zama C da F#, D7 ke nan. Ka koma, ka ɗaga su da rabin taki, sun zama D da G#, E7 ke nan. Gaɓa goma sha biyun duka, yatsu biyu ne ke matsawa maɓalli ɗaya hagu ko dama. Ka kaɗa haka tare da mai jitar bes, za ka ji yadda kiɗan ya sami iska.

Fiyanon lantarki irin na ɗakunan haɗa waƙa yana da abin da na katako ba shi da shi, wato ɗan gargaren nan na gefen hagu mai lanƙwasa sauti, wanda aka rubuta wa `Pitch Bend`. Yawanci an saita shi ya kai taki ɗaya cikakke idan ka tura shi ƙarshe. Lanƙwasar da muke nema kwata ce ta wannan tafiyar, don haka turawa kaɗan ce, kuma da wuya hannu ya daidaita ta. Ka shiga saiti ka mayar da `Bend Range` zuwa 1, sai rabin turawa ya ba ka abin da kake so. Ka kula da abu biyu. Gargaren yana lanƙwasa duk abin da ka danna a lokacin, har da kod ɗin hannun hagu, saboda haka ka naɗi kod a layinsa daban. Sannan ka zaɓi muryar jita ko ta abin busa, don muryar fiyano idan aka lanƙwasa ta ba ta da daɗin ji.

Haka nan manhajar gyaran murya da ake sa wa kusan kowace waƙa a yanzu. Aikinta shi ne ta ja kowane sauti zuwa maɓallin da ya fi kusa da shi, wato daidai abin da bulus ke gudu. Idan mawaƙinka ya tsaya a 269, ita za ta fizge shi zuwa 262 ko 277, wani lokaci ma ta riƙa tsalle tsakaninsu. Idan ba yadda za a yi sai da ita, ka sassauta `Retune Speed` sosai, ka kuma umarce ta ta ƙyale C da C# da G kada ta taɓa su.

Game da inda abin ya fito, gaɓoɓin da sautukan ba tushensu ɗaya ba. Bulus ya tashi ne a tsakanin Baƙaƙen kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, musamman yankin gonakin auduga na Misisifi. Makaɗi W. C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, ya ji wani mutum yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jita yana rera layi ɗaya sau uku. Wuƙar nan, ko wuyan kwalba da wasu ke sawa a yatsa, amfaninta ke nan: ta kai sauti inda gidajen jita ba su yarda ba. A 1912 Handy ya buga waƙarsa mai sunan birnin Memfis a takarda, kuma daga wannan lokaci bulus ya shiga hannun ƙungiyoyin makaɗa. Kod ukun, na ɗaya da na huɗu da na biyar, su ne na waƙoƙin coci da na raye-rayen Turawa. Ƙirga gaɓa goma sha biyu cif kuwa larura ce ta mutane da yawa masu kaɗawa tare, don dole kowa ya san lokacin juyawa. Mai jita shi kaɗai a ƙauye bai damu ba, yakan yi goma sha ɗaya, ko goma sha uku da rabi, ya juya lokacin da maganarsa ta ƙare. John Lee Hooker ma yakan zauna kan kod ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma babu mai cewa ba bulus yake yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa cikin biyun, sautukan ne suka fi tsufa.

A nan ne maganar ta taɓo mu. Masanin kiɗan Afirka Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da bulus, ya kafa hujja cewa salon rerawar Misisifi ya fi kama da na yankin sabana na Afirka ta Yamma, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, inda mawaƙi ɗaya ke rerawa da abin kiɗa mai tsirkiya, da sautuka biyar, da murya mai karkarwa da ado. A ganinsa kuskure ne a ce an sauke sautukan Turawa, domin mutanen da suka zo da su ba daga ma'aunin fiyano suka fara ba. Akwai masu jayayya da shi a kan wasu bayanan, amma kunnenka zai iya yin nasa hukuncin. Ka saurari mai goge ko mai kukuma. Babu gidaje a jikin abin kiɗansa, yatsa ne ke neman sauti a kan tsirkiya guda, yana zamewa ya shiga, ba ya dira a kai kai tsaye. Wannan zamewar ka riga ka san ta tun kana yaro. Abin da goge ba shi da shi shi ne kod uku masu juyawa a ƙarƙashi, kuma wannan haɗin a Amurka aka yi shi. Saboda haka ban yarda da masu cewa bulus kiɗanmu ne da aka kai can aka dawo da shi ba. Dangantaka akwai, amma gaɓa goma sha biyun tasu ce.

Idan za ka rera da Hausa, ka lura da wurin da kake sa lanƙwasa. Tana buƙatar gaɓar kalma mai tsawo, irin "bai" a baitinmu. Idan ka ɗora ta a kan gajeriyar gaɓa kamar "ci", ko dai ka ja wasalin har kalmar ta lalace, ko lanƙwasar ta ƙare kafin a ji ta. Gangarowar jimlar bulus daga sama zuwa gida kuwa ta dace da mu, tun da jimlar Hausa ma gangarowa take yi.

Saura gaɓa biyun ƙarshe, waɗanda ke mayar da kai farko. A gaɓa ta 11, ka buga A7 a bugun farko, sannan ka riƙe A a sama da ƙaramin yatsa, babban yatsa kuma ya gangara G, F#, F a bugu na biyu da na uku da na huɗu. A bugun farko na gaɓa ta 12 ya sauka kan E, a na biyu ka buga E7 ka riƙe. E7 ɗin nan ne ke sa kunne ya nemi sabon zagaye. Idan kana tafiya a bugu 80 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 36 ne, zagaye biyar kuma minti uku, wanda shi ne kusan abin da tsohon faifan garmaho ke ɗauka a fuska ɗaya: baiti uku ko huɗu, da zagaye guda na kayan kiɗa zalla. A zagayen ƙarshe kada ka je E7, don za ka bar mutane suna jira. Ka yi gangarar nan har zuwa E, sannan ka buga B♭7, wato rabin taki sama da gida, ka zame kan A7 ka tsaya, da G ɗin a ciki.